Zaɓin Saye a Kasuwar Hannun Jari: Inda Ƙimarsa Take Fitowa da Yadda Kwanaki Suke Cinye Ta

Duk wanda ya taɓa cinikin fili ko mota ya san kafin alƙalami. Ka ga kaya, kun daidaita a kan farashi, amma kuɗinka ba su cika ba, ko kuma zuciyarka ba ta gama kwanciya ba. Sai ka ajiye wani abu a hannun mai kaya, ku yanke rana, shi kuma ya ɗau alkawarin ba zai sayar wa kowa ba, ba kuma zai ƙara maka ko kwabo ba har ranar. Idan kafin lokacin aka ce gwamnati za ta fitar da titi ta gaban filin, farashi ya yi sama, kai ka ci riba, domin a tsohon farashi za ka biya. Idan kuma ka fasa, a wasu wuraren abin da ka ajiye ya tafi ke nan.

Abin da ’yan kasuwar hannun jari suke kira kol ofshin, wanda zan riƙa kira zaɓin saye a nan, ɗan’uwan wannan ciniki ne. Kana biyan kuɗi domin ka mallaki damar sayen hannun jarin wani kamfani a kan farashin da aka tsayar, daga yau zuwa wata rana da aka yanke. Dama ce gare ka, ba tilas ba. Shi kuwa wanda ya sayar maka, tilas ne a kansa ya ba ka hannun jarin a farashin alkawari duk ranar da ka nema. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe tun daga nan. Kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin kaya idan ciniki ya faɗa. Kuɗin zaɓi ba ya shiga. Ko ka sayi hannun jarin ko ka fasa, wanda ya karɓa ya cinye, kuma idan za ka saya sai ka biya farashin alkawari cif-cif a kai.

Gidan wannan ciniki Amurka ne. A ranar 26 ga Afrilu, 1973 aka buɗe kasuwar CBOE a birnin Chicago, ta fara da zaɓin saye a kan hannun jarin kamfanoni 16 kacal. A shekarar ce kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafin da har yau ake dogaro da shi wajen ƙiyasta farashin zaɓi, Robert Merton ya faɗaɗa shi. Scholes da Merton sun sami kyautar Nobel a kansa a 1997, bayan Black ya rasu a 1995. Saboda haka da dala za mu yi misalinmu, da ƙa’idojin kasuwar can, inda kwantiragi ɗaya yake wakiltar hannun jari 100, kuma zaɓi na wata-wata yake ƙarewa ranar Juma’a ta uku a wata.

Cinikin da za mu bi

A ce akwai wani kamfani da hannun jarinsa yake dala 100 a yau, kai kuma kana ganin zai tashi. Ka buɗe manhajar dillalinka, ka shiga jerin zaɓuɓɓukan kamfanin. A ɓangaren da aka rubuta Call, ƙarƙashin layin Strike, wato farashin alkawari, ka zaɓi 100, da wa’adin da saura kwana 60. Farashin da za ka gani yana kusa da 4.85. Wannan na hannun jari ɗaya ne, don haka kwantiragin zai ci maka dala 485. Na fitar da wannan adadi da sauran da za su biyo baya ne da lissafin Black da Scholes, na ɗauka cewa kasuwa tana hasashen kai-komon farashin kamfanin zai kai kashi 30 cikin ɗari a shekara, na kuma ajiye batun kuɗin ruwa da rabon riba gefe don kada lissafi ya cakuɗe. A kasuwa ta gaske kuɗin ruwa yana ɗan ɗaga farashin zaɓin saye, rabon riba kuma yana ɗan sauke shi, amma siffar labarin ba ta canzawa.

Me ka saya da dala 485 ɗin nan? Damar sayen abin dala 100 a kan dala 100. Idan yau ne wa’adi, wannan dama ba ta kai sisi ba, tunda kowa zai iya shiga kasuwa ya saya a hakan ba tare da ya biya wani komai ba. A nan ne ake raba farashin zaɓi gida biyu, kuma wanda bai iya wannan rabon ba bai kamata ya taɓa cinikin ba.

Gida na farko shi ne ƙimar zahiri, wato abin da farashin kasuwa ya ɗara farashin alkawari da shi. Idan hannun jari yana 106, alkawari 100, ƙimar zahiri 6 ce. Idan yana 100 ko 93, sifiri ce, ba ta sauka ƙasa da sifiri. Gida na biyu shi ne duk abin da ya rage bayan an cire ta farko, ana ce masa ƙimar lokaci. A cinikinka ƙimar zahiri sifiri ce, ke nan dala 4.85 ɗin gaba ɗaya ƙimar lokaci ce. Kuma ranar da wa’adi ya cika, ƙimar lokaci ta kowane zaɓi a duniya sifiri take komawa, babu makawa. Abin da ka biya kuɗi a kansa, tun ranar da ka saya an san ranar mutuwarsa.

To me ya sa mai hankali zai biya? Saboda riba da asara ba su yi kunnen doki ba. Ka ɗauka cewa bayan kwana 60 hannun jarin ɗayan biyu zai yi, ko 110 ko 90, kuma babu wanda ya fi wani yiwuwa. Mai riƙe da hannun jarin kansa ko ya ci 10 ko ya rasa 10. Kai mai zaɓi ko ka ci 10, ko ka kaɗe rigarka ka tafi. Tsaka-tsakin 10 da sifiri 5 ne, kuma kusan abin da mai sayarwa zai nema ke nan kafin ya yarda ya ɗauke maka ɓangaren asara. Da a ce 120 ko 80 ake tsammani, da ya nemi 10. Ka ga ke nan ƙimar lokaci kuɗin rashin tabbas ne. Iya nisan da farashi zai iya yi kafin wa’adi, iya tsadarta. Abu biyu ne kuma suke ba farashi damar yin nisa, yawan kwanakin da suka rage da zafin kai-komon kamfanin.

Yadda ƙima take hawa

Hanya ta farko a fili take, hannun jari ya tashi. Amma zaɓi ba ya bin sa dala da dala. A allon dillali akwai layin Delta, wanda yake gaya maka santi nawa zaɓinka zai ƙaru idan hannun jari ya ƙaru da dala ɗaya. Naka yana wajen 0.52. Hannun jari ya koma 101, zaɓi ya ƙaru da kamar santi 52, kwantiragi ya ƙaru da dala 52. ’Yan kasuwa da yawa suna kallon dalta a matsayin ƙiyasin yiwuwar zaɓin ya ƙare da ƙimar zahiri. Ba daidai-wa-daida ba ne, amma yana da amfani, domin wanda ya ga dalta 0.15 ya san abin da kasuwa take faɗa masa game da cinikinsa.

Daɗin abin ga mai saye shi ne dalta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Hannun jari na hawa tana hawa, har ta kusanci 1, yana sauka tana sauka, har ta kusanci sifiri. Wato ribarka tana ƙara gudu yayin da ka yi daidai, asararka tana rage gudu yayin da ka yi kuskure. Layin Gamma a allo shi yake auna wannan canjin. Wannan lanƙwasa ita ce ainihin hajar da ka saya, kuma za mu ga cewa ita ake cajin ka haya a kanta kullum.

A ce sa’a ta zo da wuri. Kwana biyar da sayenka labari mai daɗi ya fito, hannun jari ya yi tsalle zuwa 106. Saura kwana 55, zaɓinka yana wajen 8.37, wato 6 na zahiri da 2.37 na lokaci, dalta ta haura 0.70. Idan ka sayar a nan ka karɓi dala 837, riba 352 a kan 485, sama da kashi 70 cikin ɗari, alhali hannun jarin kansa kashi 6 ya tashi. Wannan shi ne abin da yake jan mutane, kuma gaskiya ne, ba ƙarya ba. Lura da wani abu kuma, ƙimar lokaci ta ragu daga 4.85 zuwa 2.37, ba don kwana biyar ɗin kawai ba, sai don farashi ya yi nisa da alkawari, rashin tabbas ya ragu. Ƙimar lokaci ta fi kauri a daidai inda farashin kasuwa da na alkawari suka haɗu.

Hanya ta biyu ita ce hasashen kai-komo ya tashi, abin da allo yake nunawa da IV. Ko hannun jari bai motsa ba, idan kasuwa ta tsorata ko tana jiran wani babban labari, adadin yana iya tashi daga 30 zuwa 35. Layin Vega yana nuna abin da kowane ɗigo ɗaya yake ƙara maka, a cinikinka kamar santi 16. Ɗigo biyar ke nan santi 80, ba tare da kamfanin ya yi komai ba. Ƙofar da wannan kuɗi ya shigo, ta nan yake fita, kuma za mu dawo kanta.

Zaizayar lokaci

Yanzu a ce ba abin da ya faru. Hannun jari ya kafe a 100, hasashen kai-komo ya kafe a 30. Ga zaɓin da farashin alkawarinsa ya yi daidai da na kasuwa, akwai gajeriyar hanyar ƙiyasi da za ka iya yi da kalkuletar waya:

```
C ≈ 0.399 × S × IV × √(D ÷ 365)
```

S farashin hannun jari ne, IV a rubuta shi 0.30, D kuma kwanakin da suka rage. Sa 60 za ka sami kusan 4.85. Sa 30, ya ba ka 3.43. Saura kwana 14, 2.34. Saura mako guda, 1.66. Saura kwana ɗaya, santi 63. Washegari, sifiri.

Tsaya ka dubi waɗannan adadi da kyau. A watan farko ka rasa 1.42. A wata na biyu ka rasa 3.43. Makon ƙarshe shi kaɗai ya ci 1.66, fiye da abin da watan farko sukutum ya ci. Kamar mai tallan ƙanƙara ne a watan azumi na bazara, da safe dunƙulen yana ɗiga a hankali, amma idan ya ƙanƙance da la’asar kafin ka juya ya zama ruwa. Layin Theta a allo shi yake nuna abin da kwana ɗaya yake ci, da alamar ragi a gabansa. Ranar da ka saya yana wajen santi 4, wato dala 4 a kwantiragi kullum. Saura kwana 30 ya kusa dala 6. Saura mako guda ya kai dala 12. Asabar da Lahadi ma suna cikin lissafi duk da kasuwa a rufe take, sai dai manyan dillalai sukan fara zaftare na ƙarshen mako tun daga yammacin Juma’a, don haka mai tunanin zai saya da safiyar Litinin ya tsere wa wani abu, ko ya sayar Juma’a da yamma ya ci banza, yawanci an riga shi.

Dalilin wannan gudu na ƙarshe yana cikin alamar saiwar nan ta lissafi. Farashi ba ya tafiya a miƙe. Yau ya hau, gobe ya sauka, jibi ya hau, kuma wani ɓangare na motsin yana goge wani. Saboda haka nisan da zai iya yi ba ya ninkuwa da ninkin kwanaki. Sai ka ninka kwanaki sau huɗu kafin nisan ya ninka sau biyu. Shi ya sa zaɓin kwana 240 yake wajen 9.70, ninki biyu kawai na mai kwana 60. Idan ka juya maganar, cire kwana ɗaya daga cikin 240 kusan ba ya rage komai, amma cire kwana ɗaya daga cikin biyu ya kwashe kusan kashi 30 cikin ɗari na damar da ta rage.

Ba zan kira wannan zalunci ba, ko da yake na sha jin masu asara suna faɗin haka. Mai sayarwa ya karɓi 485, iyakar ribarsa ke nan, ya kuma ɗauki nauyin ba ka hannun jari a 100 ko da ya kai 150. Tita ladan wannan nauyi ce, ana biyan sa kullum daga aljihunka. Inda gamma ta fi yawa, wato kusa da farashin alkawari kuma dab da wa’adi, nan ne tita ta fi zafi, domin abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. Abin da ya sa lokaci yake gaba da mai saye shi ne, tita tabbas ce, motsin da zai biya ta kuwa fata ne. Mai sayarwa yana cin riba idan hannun jari ya faɗi, ko ya tsaya, ko ma ya ɗan tashi kaɗan. Kai kuwa sai abu uku sun haɗu, ka canki inda farashi zai nufa, ya yi nisan da ya isa, kuma ya yi shi a kan lokaci.

Ga yadda mutum yake yin daidai kuma ya yi asara. Wata guda ya wuce, hannun jari ya lallaɓa zuwa 102. Ka buɗe manhaja da murmushi, sai ka tarar zaɓinka yana 4.55, ƙasa da abin da ka biya da santi 30. Tashin dala biyu ya ƙara maka, kwana talatin sun ɗebe fiye da haka. Ka ce bari ka jira. Ranar wa’adi ya rufe a 104. Zaɓin ya koma ƙimar zahiri zalla, dala 4, ka karɓi 400 ka rasa 85. Wanda ya sayi hannun jari 100 kai tsaye da dala 10,000 a ranar da ka sayi zaɓi, shi ya ci 400. Ko da 106 ya kai a ranar ƙarshe, ribarka 115 ce, alhali wannan 106 ɗin da ya zo a kwana na biyar ya ba ka 352. Farashi ɗaya, kamfani ɗaya, bambancin kawai yaushe. Idan kuwa ya rufe a 100 ko ƙasa, 485 ɗin ta tafi duka.

Lissafin da ake yi kafin a danna

Fara da haɗa farashin alkawari da kuɗin zaɓi. A nan 100 da 4.85 sun ba da 104.85, kuma sai hannun jari ya wuce wannan ranar wa’adi kafin ka ga riba. Tambayar da za ka yi wa kanka ba wai zai tashi ba ce. Tambayar ita ce zai tashi da kusan kashi 5 cikin kwana 60, kuma me ka sani da zai jawo hakan a cikin waɗannan kwanaki? Idan amsarka ita ce kamfanin mai kyau ne kuma wata rana zai tashi, to hannun jari ya kamata ka saya, domin shi ba shi da wa’adi.

Sannan ka raba tita da dalta. Wannan ɗan lissafi yana nuna maka abin da hannun jari zai riƙa hawa kullum don kawai zaɓinka ya tsaya inda yake. Ranar saye, santi 4 a raba da 0.52 ya ba da kamar santi 8 a rana. Saura kwana 30 ya zama santi 11. Saura mako guda ya zama santi 23. Duk ranar da ka ga adadin ya fi abin da kake tsammani daga kamfanin da gaske, cinikin ya juya maka baya ko da allo bai nuna ja sosai ba. Wannan ne ya sa masu saye da yawa suke ɗaukar wa’adi mai tsawo fiye da abin da suke bukata, su fita tun da sauran makonni uku ko huɗu, su bar wa wani gangaren ƙarshe. Idan kana jin labarin da kake jira zai fito cikin wata guda, zaɓin kwana 90 a kan 5.94 ya fi na kwana 30 a kan 3.43 sauƙi idan aka auna da kwana, kuma yana yafe maka idan labarin ya makara.

Sai zaɓen farashin alkawari, inda sabon shiga ya fi faɗawa rami. Idonsa yana zuwa kan mai araha. Zaɓin 110 na kwana 60 yana wajen 1.58, dala 158 kacal, sai ya ce da kuɗin kwantiragi ɗaya na 100 zai sami uku. Amma dukansa ƙimar lokaci ce, daltarsa 0.23, kuma sai hannun jari ya wuce 111.58 kafin ya ba da riba ranar wa’adi. Idan farashi ya tsaya a 100, bayan wata guda ya koma santi 61, ya rasa kashi 60 cikin ɗari da ɗoriya, a lokacin da na 100 ya rasa ƙasa da kashi 30. Saura mako guda bai wuce santi 2 ba. Shi irin wannan ba ya jiran makon ƙarshe, tun a tsakiyar hanya yake narkewa, saboda kasuwa ta riga ta fid da rai. Arahar nan ita ce mai hana miya daɗi.

A ɗaya gefen akwai zaɓin 90, mai tsadar 11.23. Dala 10 a ciki ƙimar zahiri ce, 1.23 kawai lokaci zai iya ci, daltarsa 0.82, kuma 101.23 ya ishe ka ka fita lafiya. Idan farashi ya kafe har ƙarshe, kashi 11 cikin ɗari ka rasa maimakon duka. Kuɗinsa shi ne ka sa dala 1,123 a kasada, kuma idan hannun jari ya rikito zuwa 90 duk sun tafi. A ganina wanda yake son ya hau tashin farashi ba tare da kalanda tana shaƙe masa wuya ba, nan ya fi dacewa ya duba.

Akwai tarko guda da yake kama da zaizayar lokaci amma ya fi ta gaggawa. Kamfanonin Amurka suna fitar da rahoton ribarsu duk bayan wata uku, kuma kafin ranar hasashen kai-komo yakan kumbura. A ce saura mako guda wa’adi, gobe rahoto, IV ya tashi zuwa 60. Zaɓin 100 da ya kamata ya zama 1.66 yanzu yana 3.31. Ka saya. Rahoto ya yi kyau, hannun jari ya tashi zuwa 102, amma tunda abin da ake jira ya bayyana, IV ya koma 30 a dare ɗaya. Zaɓinka ya wayi gari a 2.75. Ka canki rahoto daidai, ka rasa dala 56. Hanyar ganewa ita ce ka duba ranar rahoto kafin ka saya, ka kuma kwatanta IV na wa’adi mafi kusa da na wa’adin da ke bayansa. Idan na kusa ya ɗara na nesa sosai, an riga an saka kuɗin labarin a cikin farashi, kuma sai motsi ya wuce abin da aka saka kafin ka ci.

Kar ka manta da tazarar da ke tsakanin Bid da Ask. Idan ana saye a 4.70 ana sayarwa a 5.00, da shigarka ka bar dala 30 a ƙofa, kwatankwacin tita ta mako guda. Yi amfani da odar Limit, ka sa farashi a tsakiya, kuma ka guji zaɓin da ba a cinikinsa sosai.

Wajen fita kuma, sayar da zaɓin ake yi, ba karɓar hannun jari ba. Zaɓin hannun jarin kamfanonin Amurka yana ba ka damar neman kayanka kowace rana kafin wa’adi, amma a misalinmu na kwana na biyar, da ka nemi hannun jari a 100 ka sayar a 106, dala 6 za ka samu, ka zubar da 2.37 na lokaci da kasuwa take shirye ta biya ka. Haka kuma kada ka bar zaɓi mai ƙimar zahiri ya kai wa’adi kana barci. Hukumar OCC mai warware cinikin zaɓi a Amurka tana zartar da duk wanda ya ƙare da ko santi ɗaya a sama da alkawari, sai dai idan an ba da umarnin kada a yi. Ma’ana, ka kwanta da kwantiragin da ka saya 485, ka tashi Litinin da hannun jari 100 da bashin dala 10,000 a asusunka, ko kuma dillali ya sayar maka da zaɓin da yammacin Juma’a a duk farashin da ya samu.

Saura magana ɗaya da mai karatu Musulmi zai so ya sani, tunda da kafin alƙalami muka fara. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba cinikin zaɓi a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yadda ake yin sa a kasuwannin duniya bai halatta ba, saboda abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar kuɗi a madadinsa ba. A shekarar da ta biyo baya majalisar ta halatta cinikin kafin alƙalami idan an iyakance wa’adi, kuma kuɗin ya shiga cikin farashi idan an saya. Idan kana cikin masu bin wannan hukunci, ka tuntuɓi malamin da ya san mu’amalar kuɗi ta zamani tun kafin ka buɗe asusu. Idan kuma ka riga ka shiga, buɗe manhajarka yau ka raba tita da dalta a kan kowane kwantiragin da kake riƙe da shi, ka duba kwana nawa suka rage masa.